Shin in rubuta a sibi cewa ina da sikila?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni akawu ce, na yi shekara huɗu a wani kamfani, sai ciwon ƙugu ya kwantar da ni, aka yi mini aiki. Daga Maris 2022 zuwa Afrilu 2023 ban yi aikin komai ba. Yanzu zan fara nema. In rubuta a sibi cewa sikila gare ni, ko in yi shiru? Tsorona kada daga baya a ce na yi ƙarya."

Wa alaikumussalam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan tsoron duk mun san shi, kuma ra'ayina kai tsaye shi ne kada kalmar sikila ta fito a sibi ɗinki ko sau ɗaya.

Wanda sibi ke fara isa hannunsa ba likita ba ne. Tarin takardu ne a gabansa, kuma aikinsa a wannan matakin shi ne rage su. Da ya ga sunan ciwo, abin da zai zo masa a rai shi ne ɗan makwabcinsu da ba ya wata biyu bai kwanta asibiti ba, alhali mu mun san wani kan shekara ciwo bai tashi ba, wani kuma kan sha shi akai-akai. Ba kya wurin balle ki yi masa bayani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: ba zai taɓa ce miki saboda ciwon ne ba. Shiru kawai za ki ji, ko imel mai layi biyu cewa an sami wanda ya fi dacewa. Ba ki da hujjar kai ƙara, ba ki ma san ko ciwon ne ko ƙwarewar ce ta gaza ba, sai ki kwana kina zargin kanki. Mutum ya yi karatu tsakanin allura da ƙarin ruwa, ya ci jarrabawar da masu lafiya suka faɗi, wani kuma ya ture takardarsa saboda haruffa biyu, wato SS. Wallahi zalunci ne, kuma masu yinsa ba sa ma jin sun yi komai.

Batun ƙarya kuwa, ki kwantar da hankalinki. Sibi bayanin karatu ne da aiki da ƙwarewa, rashin saka lafiya a ciki ba ɓoye gaskiya ba ne. Ƙarya tana farawa ne inda aka taɓa kwanan wata. Kada ki ja ranar barin aikinki daga Maris 2022 zuwa Disamba don giɓin ya ragu. Sabon wurin zai iya tuntuɓar tsohon, kuma abin da suka fi saurin tabbatarwa shi ne ranar kamawa da ranar bari. Wannan ne ke sa a janye takardar ɗaukar aiki.

Giɓin nan ki ba shi layi ɗaya a inda ya faɗo cikin jerin ayyukanki, da kowane harshe kike rubutawa: "Maris 2022 zuwa Afrilu 2023: hutun jinya, an kammala, a shirye nake da cikakken aiki." Kada ki rubuta "na warke", domin ƙugun aka gyara, sikila tana nan, kuma wannan kalmar za a iya riƙe ki da ita gobe. Idan a watannin nan kin yi wani kwas, ko kin riƙe wa wani lissafin kasuwancinsa daga gida, ki sa shi ƙarƙashin layin da sunansa na gaskiya. Idan babu, kada ki ƙirƙira. A intabiyu za a tambaya, to ki haddace jimla biyu: an yi mini aiki, na gama jinya, ga abin da na iya. Daga nan ki ja bakinki ki yi shiru. Shirun ne yake da wuya, a nan da yawanmu muke ruɗewa mu zazzage tarihin asibiti gaba ɗaya.

Ki kuma bi sibi ɗin layi-layi, don ciwon yakan shiga ta bayan gida. Wasu na rubuta nau'in jini a bayanan kai, ki goge SS ɗin nan, ba wurinsa ba ne. Aikin sa kai a ƙungiyar masu sikila, idan kina son sa, ki bayyana aikin: kin riƙe kuɗi, kin shirya rahoton shekara, ba dalilin shigarki ba. Sannan waɗanda kika sa a matsayin masu ba da shaida a kanki, ki kira su tun yanzu ki roƙe su su tsaya a kan aikinki. Tsohon shugaba mai tausayi ya fi kowa ɓarna, sai ya ce "tana ƙoƙari sosai duk da ba ta da lafiya", yana ganin ya yabe ki.

Akwai inda faɗa ke amfani, kada in zama na rufe ƙofar duka. Idan tallar aikin ta ce an ware gurbi ga masu buƙata ta musamman, ko ƙungiyar kanta a harkar nakasa ko sikila take aiki, to a faɗa, amma a wasiƙar neman aiki ko a gurbin fom da aka tanada. A Najeriya dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018 ta nemi hukumomin gwamnati su yi ƙoƙarin ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ayyuka. Sai dai ki tambaya ko yanayinki ya shiga da kuma takardar shaidar da suke karɓa, don ba ko'ina ake lissafa sikila ita kaɗai a matsayin nakasa ba. Dokar Birtaniya ta 2010 da ta Amurka ta 1990 sun hana tambayar lafiya kafin a yi wa mutum tayin aiki, sai a wurare ƙalilan. Ba kowace ƙasa ke da wannan ba, ki duba ta inda kike nema.

Idan har yanzu kina dogara sanda, kada ki bari sai ranar intabiyu. Bayan an gayyace ki, ki aika wa sashen kula da ma'aikata imel: "Ina amfani da sanda, ina roƙon a yi zaman a ƙasa ko inda akwai lif." Buƙata kike faɗa, ba sunan ciwo ba.

Lokacin cikakken bayani shi ne bayan takardar ɗaukar aiki ta shigo hannunki a rubuce. Idan aka ba ki fom ɗin lafiya, ko aka tura ki gwaji, a nan kam ki faɗi gaskiya tsaf, domin sa hannu kike yi, kuma amsar ƙarya a fom tana iya zama dalilin kora ko ta hana ki inshora. Ki karɓo wasiƙar likitanki tun kafin lokacin, wadda ke cewa za ki iya aikin ofis, da abin da kike buƙata: ranakun ganin likita, kujera nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki, ruwan sha a kusa, da damar tashi ki motsa ƙafa. Sanyin nan kada ki raina shi, shi da ƙarancin ruwa suna tayar da ciwo, ga shi ku akawu ƙarshen wata sai a kai dare ana rufe lissafi ba a tuna an sha ruwa ba. Duk abin da aka amince miki da baki, ki bi shi da imel a ranar, ki tura kwafi zuwa akwatinki na kanki, don shugaban da ya yi alkawarin zai iya canza wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba.