An ce ina da HPV 16, maƙwabciyata ta ce sanyi ne kawai

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 38, 'ya'yana shida, ina zaune a Kurna. Na yi gwajin bakin mahaifa, takarda ta fito da "HPV 16 POSITIVE", aka ce in koma a duba ni da na'ura. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ba abin da ke mini ciwo. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne, ta kawo mini bagaruwa da wani matsi, ta ce kada in bari a taɓa mini mahaifa. Kansa ce? Kuma me zan ce wa maigida?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Takardarki ba ta ce kina da kansa ba. Abin da ta ce shi ne an ga ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, a bakin mahaifarki, ba ta faɗi ko ta yi ɓarna ko ba ta yi ba. Mafi yawan matan aure sun taɓa ɗaukar HPV ba tare da sun sani ba, kuma wajen tara cikin goma jikinsu yake kawar da ita ba tare da magani ba cikin shekara biyu. Wadda muke bibiya ita ce wadda ta ƙi tafiya. HPV iri-iri ce, lamba 16 da 18 su ne masu naci, su biyun ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa, shi ya sa aka ce ki dawo kai tsaye, ba a ce ki jira baɗi ba.

Wajen dubawa da na'urar, za a buɗe gaba kamar yadda aka yi miki a gwajin farko, a shafa ruwan tsami mai sauƙi irin binega, a dakata minti ɗaya, a haska da madubi mai ƙara girma. Wurin da ya fara canzawa yakan yi fari. In an ga farin, ana iya tsakurar ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a kai ɗakin gwaji. Idan sakamako ya ce CIN1, canji ne ƙarami, sau da yawa yakan koma daidai, sai a sa ido. CIN2 ko CIN3 kuwa magancewa ake yi, amma su ma ba kansa ba ne, hanyar zuwa gare ta ce. Hanyar kuma doguwa ce, shekara 15 zuwa 20 ga mai lafiyayyen garkuwar jiki, 5 zuwa 10 ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai HIV da ba ta shan magani.

Yanzu bari in zo kan maƙwabciyarki, don maganarta ce nake ji kullum har ta ishe ni. A garin nan komai sanyi ne. Ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi, jini bayan kwanciyar aure ma sanyi. Mota na yawo da lasifika a bakin kasuwa tana tallar jarka ɗaya mai maganin sanyi kala arba'in, mata na layi. To, canjin da HPV ke kawowa ba datti ba ne da ya taru a gaba balle a wanke. Ƙwayar tana cikin ƙwayoyin fatar bakin mahaifar ne, ta shiga ta zauna. Ki zauna a ruwan bagaruwa safe da yamma har shekara, ba zai kai gare ta ba. Kafso da allurar kemis ma ba su taɓa ta, domin ba irin ƙwayoyin da suke kashewa ba ce. Matsi kuwa, alif ne ko tafarnuwa ko garin da ba wanda ya san me aka daka a ciki, abin da yake yi shi ne ya ƙona wurin ya kumbura, in kin zo mu duba sai mu tarar da ja ko'ina, mu kasa bambance abin da muke nema, mu ce ki koma ki dawo.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, maganin sanyin kullum "yana aiki". Dalili kuwa, matakin da ake iya warkarwa cikin sauƙi ba ya ciwo, ba ya jini, ba ya wari. Mace ta sha jarka uku, ta ji garau, dama can garau take, sai ta yi wa mai magani godiya ta yaga takardar asibiti.

Akwai wata baiwar Allah da na duba tana da shekara arba'in da 'yan kai. Farin da na gani bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, sakamako ya dawo CIN3. Na sa mata rana. Ba ta zo ba, an ce mata in aka ƙona bakin mahaifa ta gama haihuwa. Bayan shekara bakwai ƙanwarta ta riƙo ta suka shigo, zaninta ya jiƙe, tun daga ƙofa na ji warin. Ta ciro mini leda cike da ƙullin magunguna ta ce duk na sanyi ne, ta sha ba ta fasa ba. A lokacin abin ya wuce tiyata, sai gashi da na'ura, da kuɗin da ba su da shi. Aikin da ta gudar wa da farko bai kai tsawon zaman jiran kati ba.

Don haka ga gaskiyar "ƙonawar" da ake tsorata ku da ita. Idan wurin ƙarami ne kuma ana ganinsa duka, wani ɗan kan ƙarfe ake ɗorawa mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a daskarar da wurin. Za ki ji murɗar mara kamar ta al'ada, ki tashi ki tafi gida da ƙafarki. Idan ya yi faɗi ko ya shige ciki, sai a kashe zafin wurin da allura a yanke fatar da siririyar waya mai lantarki. Ba a cire mahaifa, kuma mata na haihuwa bayan haka, sai dai wadda aka yanka ta faɗa wa masu awo in ta samu ciki. Bayan aikin ruwa zai riƙa fita har kusan mako huɗu, kuma a tsawon nan ba kwanciyar aure, ba matsi. In zazzaɓi ya zo, ko jini mai yawa, ko wari, a dawo da wuri. Bayan wata 12 a sake gwaji, wannan ba na ganin dama ba ne.

Batun maigida, kada ki bari takarda ta raba miki aure. Ta hanyar saduwa ake ɗauka, haka ne, amma ƙwayar na iya kwanciya shekaru ba a ganinta, ba kuma gwajin da zai nuna yaushe ta shiga ko daga wa. Ki ce masa an ga alamar da ake so a bi tun kafin ta zama ciwo, in da hali ku zo tare, makonni huɗun nan sai da haɗin kansa. In kina da abokiyar zama, ita ma ta je a gwada ta. 'Ya'yanki mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma a kai su rigakafin HPV, tun Oktoban 2023 ake yin sa kyauta, allura ɗaya ce, kuma ba ta hana haihuwa, ko me aka turo miki a waya.

Ki koma inda aka yi miki gwajin cikin makonnin nan, in sun ce ba su da na'urar su rubuta miki takarda zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. Ki zaɓi ranar da ba kya al'ada, kada ki sa komai a gaba kwana biyu kafin nan, in kina zaton ciki ki faɗa tun kafin ki hau gado. Ki riƙo takardar sakamakon a hannunki. Allah Ya ba da lafiya.