Imoji a rubutun talla: inda yake taimako da inda yake rage amana

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da zannuwan gado da labule a Aboabo, nan Kumasi, kuma ɗana ne yake rubuta bayanin da ke ƙarƙashin hotunan kayana a WhatsApp da Facebook. Yana cika shi da imoji, wai haka ake jawo ido. Yanzu ina neman kwangilar makarantun kwana da ƙananan otal-otal, sai wata ƙawata ta ce ba za su ɗauke ni da muhimmanci ba. In cire su gaba ɗaya, ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa. Ba sai kin cire su gaba ɗaya ba, amma dole ki raba rubutunki gida biyu: akwai ɓangaren da yake nuna wa mai karatu inda zai duba, akwai kuma ɓangaren da yake ɗauke da alkawarinki, wato farashi da awo da adadi da ranar kai kaya da lambar biyan kuɗi. Imoji yana da amfani a na farko. A na biyu kuwa ba na yarda a sa ko guda ɗaya a cikin maganar kanta.

Bari in fara da inda yake taimako. Mai duba Status ba ya zama ya karanta, yatsa ne yake wucewa da sauri, saboda haka idan 📍 ya zo a farkon layin da ke faɗin inda shago yake, 📞 a farkon layin lambar waya, 🚚 a farkon layin kai kaya, ido zai sauka a kan abin da yake nema nan take. Waɗannan alamomi ma'anarsu ɗaya ce ga Bahaushe da mai jin Turanci da Ba'asante, kuma suna sauƙaƙa wa abokiyar cinikin da karatun boko bai zauna mata sosai ba. Sharaɗin shi ne kowanne ya tsaya a farkon layi, sau ɗaya, kuma kalmar da yake nunawa ta biyo bayansa a rubuce.

Matsala tana farawa ne idan imoji ya shiga wurin kuɗi. A cikin imojin takardun kuɗi akwai na dala da fam da yuro da yen, babu na sidi, kuma jakar kuɗin nan 💰 alamar dala ce a jikinta. Idan aka rubuta "💵250" a garin da masu saye suke zuwa kasuwar Kejetia daga Burkina Faso da Nijar da Togo, an buɗe ƙofar tambaya: sidi ne, ko dala, ko sefa? Ga kuma tsohon lissafinmu, domin tun da aka sauya sidi a 2007, aka mayar da tsohon dubu goma ya zama sabon sidi ɗaya, har yau akwai dattawan da suke kiran sidi ɗari da miliyan ɗaya. Wurin da tuni akwai irin wannan ruɗani bai kamata a ƙara masa hoto ba. A rubuta GH₵250, a kuma faɗi ko na guda ne ko na dozin.

Haka nan lambar waya. Wasu yara suna rubuta ta da imojin lambobi irin 0️⃣2️⃣4️⃣ don ta yi kyau, alhali lambar da aka rubuta haka ba a iya taɓa ta a kira kai tsaye, kuma kwafe ta zuwa wurin tura kuɗi ta MoMo wahala ce. Mai saye sai ya koma yana karanta ta ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne ake kuskuren lamba kuɗi ya tafi wurin wani. Ki sa lambar da alƙaluma na yau da kullum, tare da sunan da zai bayyana wa mai tura kuɗi kafin ya tabbatar.

Game da makarantu da otal-otal, ƙawarki tana da gaskiya, sai dai dalilin ya wuce ganin kamala kawai. Ma'aikacin da ke sayen kaya ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Zai ɗauki hoton tallarki ya tura wa shugaban makaranta ko akawu, wanda bai san ki ba, bai taɓa zuwa Aboabo ba, kuma abin da zai auna ki da shi rubutun ne kawai. Mutanen nan sun saba ganin saƙonnin damfara na MoMo da na garaɓasar ƙarya, kuma da yawansu suna zuwa ne da jerin 🔥 da 🚨 da kalmomin gaggawa. Idan tallarki ta yi kama da waɗannan, za a yi jinkirin tura miki kuɗin kafin alƙalami ko da kayanki sun fi na kowa kyau.

Mu ɗauki misali. A ce ɗanki ya rubuta: "🔥🔥 Sabbin zannuwa sun iso 😍😍 araha 💯💰 yi sauri 🏃🏃". Imoji takwas ke nan, amma babu girman zani, babu farashi, babu mafi ƙarancin abin da za a saya. Ga yadda zan so ya zama ga mai sayen sari, da farashin misali:

Zanin gadon ɗalibi na auduga, fari da shuɗi, haɗe da rigar matashi ɗaya. GH₵95 kowane saiti, daga saiti 50 zuwa sama. Ana bayar da rasit.
📍 Aboabo, Kumasi
🚚 Kai kaya cikin Kumasi a kwana uku

Imoji biyu suka rage, kuma kowanne yana aiki. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ki goge dukkan imojin ki karanta abin da ya saura. Idan saƙon bai rasa komai ba sai saurin gano layi, an yi daidai. Idan kuwa wata ma'ana ta ɓace, to hoto ne yake ɗauke da maganar da ya kamata a rubuta, sai a rubuta ta. Bayan haka ki tura wa wani mai tsohuwar waya ya nuna miki yadda ya fito, domin kowane kamfanin waya yana da zanensa, kuma sabon imoji a tsohuwar waya yakan fito kamar akwati babu komai a ciki.

Fuskoki su ne suka fi haɗari. 😍 ko 😘 daga shago zuwa ga baƙon namiji yana jawo irin saƙon da ba ki nema ba, 😂 kuma kusa da sanarwar jinkirin kaya yana nuna kamar abin bai dame ki ba. Ko 🙏 wani yana karanta shi godiya, wani roƙo, wani addu'a. Duk rubutun da ya shafi ƙarin farashi ko ban haƙuri ko mayar da kuɗi, a yi shi da kalmomi zalla. Barka da Sallah ga abokan ciniki na kullum kuwa babu laifi a sa 🌙 guda ɗaya.

Idan za ki tura wannan rubutu ta saƙon tes ga mutane da yawa, akwai batun kuɗi. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar imoji ɗaya ya shiga, iyakar tana saukowa zuwa 70, ta yadda tallar da ke da haruffa 150 za ta rabu gida uku, a caje ki sau uku a kan kowane mutum. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma suna jawo hakan, don haka ki duba adadin saƙonnin da aka ƙirga miki kafin ki tura.