i7 ko i5: Yadda Ake Karanta Sunan Furosesa

Tambaya: Malam, ina son sayen laftof na hannu, kuma na samu guda biyu. Ɗaya i7-7500U ce, ɗayar kuma i5-8250U. Mai sayarwa ya ce i7 ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne? Aikina rubutu ne da lissafin ofis da taro ta bidiyo.

Amsa: Malama, ɗauki i5-8250U, kada ki yi wata-wata. Abin da mai sayarwa ya faɗa yakan zama gaskiya ne kawai idan furosesoshin biyu, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kowace kwamfuta, 'yan zubi ɗaya ne, kuma waɗannan ba haka suke ba.

Sunan irin waɗannan furosesoshin na Intel kashi uku ne. Na farko shi ne aji, wato i3, i5, i7 ko i9, kuma shi ake mannawa a jikin kwamfuta, shi ya sa ido ke fara sauka a kansa. Na biyu shi ne lambar da ke bayan ɗan layin nan, wadda farkonta ke nuna zubi, wato rukunin da aka ƙera a zamani ɗaya. Na uku kuwa harafin ƙarshe ne. A ganina, zubi ya kamata a fara dubawa, sai harafi, aji ya zo daga baya.

A 7500U, lamba 7 na nufin zubi na bakwai, wanda ya fito a 2016. A 8250U kuwa zubi na takwas ne, na 2017. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, amma a daidai nan ne Intel ta ninka ƙwayoyin aikin da ke cikin irin wannan furosesa. Ita i7 ɗin ƙwaya biyu gare ta, i5 ɗin kuma huɗu. Za ki ga bambancin ranar da kike cikin taron bidiyo, ga babban fayil na lissafi a buɗe, ga shafukan intanet goma sha: mai ƙwaya biyu za ta fara sarƙewa, murya na yankewa, fanka na ihu, ita kuwa mai huɗu tana da sauran sarari.

Wataƙila a nuna miki cewa i7 ɗin tana gudu a 2.7 GHz, i5 kuma 1.6 GHz kacal. Wannan gudun tushe ne. Idan aiki ya taso, ta farko takan kai 3.5, ta biyu 3.4, kusan kunnen doki ke nan, sai yawan ƙwayoyi ya raba gardama.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma jerin furosesoshin da Windows 11 ta amince da su kusan gaba ɗaya daga zubi na takwas ya fara. Ke nan i7-7500U ta faɗa waje. Ana iya ɗora mata Windows 11 ta bayan fage, amma babu tabbacin za ta ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro, kuma ba zan so ki ajiye takardun ofis a kan irin wannan ba.

Harafin U da ke ƙarshen su biyun yana nufin mai tattalin wuta, wajen wat 15, saboda batir ya daɗe kuma zafi ya ragu. Ya dace da aikinki. Mai H tana cin wajen wat 45, ita ce ta masu tace bidiyo da manyan wasanni, sai dai tana shan caji. A kwamfutar tebur za ki ga F, wadda ba ta nuna hoto sai an saka mata katin hoto daban.

Ki kula da lambobin da suka fara da 1. i5-1235U ba zubi na ɗaya ba ce, na 12 ce, ta 2022. Daga zubi na goma, lambobi biyu na farko ake karantawa. 'Yan zubin farko na ainihi lamba uku gare su, kamar i5-520M. AMD, wani kamfanin ƙera furosesa, shi ma yana da nasa tarkon: a jerin Ryzen 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke faɗin ƙirar ciki, don haka Ryzen 5 7520U tsohuwar ƙirar Zen 2 ce, 7640U kuwa Zen 4.

Kafin ki biya, kada ki dogara da takardar da aka manna a jiki. Kunna kwamfutar, ki danna Ctrl + Shift + Esc, ki shiga Performance, ki zaɓi CPU. Cikakken suna na sama, a ƙasa kuma wurin Cores ya nuna 4. A shafin nan dai ki duba Memory ta kai 8 GB, Disk kuma ya zama SSD, domin sunan furosesa ba ya faɗin waɗannan, kuma i5 ɗin ma za ta yi nauyi idan tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta.