Me ya sa P da Q ɗina suka ƙi yin daidai?

"Don Allah 'yan uwa, ina karatun injiniya a Jos. An ba mu V = 230∠20°, I = 10∠−10°, na ninka su amma P da Q sun ƙi yin daidai. Ina matsalar?"

Ɗan uwa, ka manta konjuget ɗin karent ne. Dokar ita ce S = V × I*, wato ka juya alamar kusurwar karent kafin ka ninka, −10° ya koma +10°, domin tazarar da ke tsakanin boltej da karent ita muke nema, 20 − (−10) = 30°. In ka ninka kai tsaye 10° za ka samu, daga nan lissafi ya ɓaci.

To S = 2300∠30°. Wannan 2300 VA shi ne duk nauyin da waya da janareta ke ɗauka. P = 2300 cos30° ≈ 1992 W, shi ke yin aikin gaske, juya injin lantarki ko dumama ruwa. Q = 2300 sin30° = 1150 var, wannan kaiwa da komowa kawai yake tsakanin janareta da koyil, ba ya aiki amma yana cika waya da karent. Tunda Q ya fito da +, karent na bin bayan boltej, irin lodin famfon rijiyar burtsatse ke nan.

Kar ka tara P da Q ka ce S ne, S² = P² + Q². Sannan ka duba ko RMS aka ba ka, in ƙololuwa ce sai ka raba amsar gida biyu.

Kuma ka lura, janareta mai 2 kVA ba zai ɗauki lodin nan ba duk da wat ɗin bai kai 2000 ba. In kapasita za a saka don rage Q, a kira injiniyan lantarki ya auna, don tana riƙe caji ko an kashe wuta.