Littafi ya gaza: Excel zan koma ko manhajar lissafin kaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sarin kayan masarufi a Agege, da sito a bayan layi, da yara biyu masu tsare min shago. Kayan sun kai kala 150. Littafi muke rubutawa, amma yanzu duk ƙarshen wata abin da ke rubuce daban, abin da ke ƙasa daban. Ɗana ya ce mu koma Excel, kyauta ne. Wani kuma ya tallata min manhaja ta naira 15,000 a wata. Bayan Babbar Sallah ina so in buɗe shago na biyu a Mile 12. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ka bi ta ɗanka yanzu, na wata uku, sannan ka koma manhaja kafin ka buɗe Mile 12. Yawan kaya ba shi ne ma'auni ba. Kala 150 ba komai ba ne a wajen Excel, shafinsa guda yana ɗaukar layi 1,048,576. Abin da ke raba gardama shi ne mutum nawa ne za su riƙa rubutu a lissafin, kuma a wuri nawa. Muddin hannu ɗaya ne, Excel ya ishe ka. Ranar da hannu ya zama uku a unguwa biyu, ya fara zama maka matsala.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan yawancin 'yan kasuwa suke tuntuɓe. Suna buɗe shafi ɗaya, su jera sunayen kaya, a gefe su rubuta abin da ya rage. An sayar da katan biyar, a goge 30 a rubuta 25. Wannan ya fi littafi muni, domin a littafi ko an soke lamba kana ganin tabon biro, a nan kuwa tsohuwar lambar ta tafi ba ta bar sawu ba. Ka ce wa ɗanka ya yi shafi biyu. Na farko ya sa masa suna `Kaya`: kowane kaya da layinsa guda, da gajeriyar lambarsa, da sunansa, da adadin da ke cikin katan. Na biyu ya sa masa suna `Motsi`: duk abin da ya shigo ko ya fita a ba shi sabon layi, a rubuta kwanan wata a A, lambar kaya a B, kalmar `SHIGA` ko `FITA` a C, adadi a D, sunan wanda ya bayar ko ya karɓa a E. Ba a goge komai a wannan shafi. Idan an yi kuskure, a ƙara wani layin da zai gyara shi. Ragowar kaya kuma ba hannu ke rubuta ta ba, fomula ce ke fitar da ita a shafin `Kaya`:

```
=SUMIFS(Motsi!D:D,Motsi!B:B,A2,Motsi!C:C,"SHIGA")-SUMIFS(Motsi!D:D,Motsi!B:B,A2,Motsi!C:C,"FITA")
```

Ma'anarta kawai: tara duk abin da ya shigo na kayan da lambarsa ke akwatin `A2`, ka cire duk abin da ya fita. Tana aiki a Excel, tana aiki a Google Sheets. Ni ma da zan zaɓar maka, Google Sheets zan ce, saboda kyauta ne ga mai adireshin Gmail, kana iya duba shi a wayarka kana masallaci ko kana hanyar Kano, kuma yana da `Version history` inda ake ganin yadda shafin yake jiya da wanda ya taɓa shi. Ɗanka ya kuma sa `Data validation` a B na shafin `Motsi`, inda ake rubuta lambar kaya, yadda za a riƙa zaɓa daga jeri maimakon bugawa da hannu. In ba haka ba, yau a rubuta "madara ƙarama", gobe "karamar madara", kwamfuta ta ɗauke su kaya biyu, lissafi ya watse.

Yanzu bari mu ɗauki kaya guda mu bi shi har ƙasa, don ka ga inda ribar wannan tsari take. A ce taliyar yara ce mai guda 40 a katan, kana sayar da ita katan-katan, kana kuma ɓare katan ka sayar wa masu shayi da masu tebur ɗai-ɗai. Doka ta farko: a shafin `Motsi` komai da ƙaramin ma'auni ake rubuta shi, wato guda, ba katan ba. Ranar Litinin da safe kun ƙirga, akwai katan 12 da guda 15, ka shigar da 495. Talata mota ta sauke katan 50, ka shigar da 2,000. Jimla 2,495. Cikin mako an sayar da katan 38, wato 1,520, da ɗai-ɗai guda 210. Abin da ya fita 1,730. Fomula za ta nuna maka ragowar 765, katan 19 ke nan da guda 5.

Ranar Asabar da yamma sai ka shiga da kanka ka ƙirga. A ce ka samu katan 18 da guda 5, wato 725. Giɓin 40 ne cif, katan ɗaya. Kafin ka ɗaga wa kowa murya, ka tsaya ka karanta lambar, domin giɓi yana faɗin asalinsa. Idan 40 ne daidai, to katan ne ya fita ba a rubuta ba: ko an ba wani bashi an manta, ko direba ya sauke 49 an sa hannu a kan 50, ko kuma an ɗauke. Idan ka ga giɓin 39 ne, ko 78, ba ɓarawo ba ne, wani ne ya sayar da katan ya rubuta 1 maimakon 40. Idan kuwa giɓin ƙanana ne marasa tsari, uku wannan makon, bakwai na gaba, ka duba katan ɗin da aka ɓare, can ake zarewa, ko yara suna dafawa da rana ba sa rubutawa. Littafinka ba zai taɓa nuna maka wannan bambanci ba, tunda sai ƙarshen wata kake haɗa komai, lokacin kurakurai goma sun cakuɗe sun zama lamba ɗaya.

Ba sai ka ƙirga kala 150 duk mako ba. Ka ware guda 20 da suka fi tafiya ko suka fi cin jari, su ne na kowace Asabar, sauran a kewaya su sau ɗaya a wata. Shinkafa da wake da kake aunawa da derika ko bokitin fenti kuwa, kada ka sa ran su daidaita daram. Ka auna buhu biyu ko uku da kanka ka ga derika nawa suke bayarwa a hannun yaranka, ka riƙe wannan a matsayin ma'auni.

A wannan wata ukun, yara su ci gaba da rubuta ciniki a littafin rasit mai kwafi da lamba a jere, da daddare mutum ɗaya ya shigar. Kada ka jefar da takarda tukuna. A Legas ɗin nan da wuta ke ɗaukewa ba sallama, rasit shi ne shaidarka.

To ina Excel yake tsayawa? Yana tsayawa ne a kan amana. Duk wanda ka ba damar rubutu a shafin `Motsi`, ka ba shi damar gyara layin shekaranjiya. `Version history` zai nuna, gaskiya ne, amma sai ka zauna kana tono, kuma wa yake da wannan lokacin? Manhajar kirki tana ba kowane yaro sunansa da lambar sirrinsa, ya iya shigar da ciniki amma ba ya iya gogewa, ba ya canza farashi, ba ya ganin nawa ka saro. Tana fitar da rasit a lokacin da ake cinikin, kayan su ragu nan take, ba sai dare ba. Sannan ga batun shago biyu. Idan ka ɗora katan 10 daga Agege zuwa Mile 12, manhaja tana riƙe su a matsayin kayan da ke hanya har sai na can ya danna cewa ya karɓa, kuma ya faɗi nawa ya karɓa. A Excel layi biyu ne mutum biyu za su rubuta, ɗaya ya manta, katan 10 su ɓace a tsakanin Agege da Mile 12 alhali suna nan a ajiye. Alamomin da za ka gane lokaci ya yi: shigar da rasit na dare ya fara wuce awa guda, ko ana tara na kwana uku kafin a shigar, ko an fara samun fayil biyu ana gardamar wanne ne na gaskiya.

Game da naira 15,000 ɗin, ka lissafa ta a shekara: 180,000, ban da na'urar buga rasit da data da wayar da za a ajiye a shago. Wata ukun da za ka yi a Excel shi zai gaya maka ko ta cancanci kuɗinta, domin a lokacin ka san nawa ke zurarewa duk wata da alƙalami, ba da zato ba. Kuma jerin kayan da ka tsabtace shi ne za a loda a manhajar. Wanda ya tsallake wannan mataki, rikicin littafinsa yake kwashewa ya zuba a kwamfuta, ya kuma riƙa biyan kuɗin wata a kai.

Idan mai tallar ya dawo, kada ka yarda ya nuna maka da kayan misalinsa. Ka ce ya shigar da taliyarka mai guda 40, ya sayar da katan ɗaya da guda 7 a rasit ɗaya, ka ga ko ragowar ta ragu da 47. Manhajoji da yawa an gina su ne don kantin zamani mai sayar da ɗai-ɗai, a nan suke faɗuwa. Ka kashe data a gabansa ka ce ya ci gaba da ciniki. Ka ce ya rubuta bashin mai shayi da ya biya rabi ta taransifa, ya nuna maka ragowar. Ka tambaye shi ko kuɗin watan da naira aka yanke shi ko da dala, da kuma ko shago na biyu da yaro na uku suna da ƙarin kuɗi. Na ƙarshe, ya danna `Export` ya fitar maka da duk bayananka a fayil ɗin `CSV` ko Excel kana kallo. Idan ya ce wannan sai an kira ofis, ka sallame shi, domin ranar da ka daina biya ko kamfanin ya rufe, lissafin shekarunka yana hannunsu.

Abu ɗaya ɗanka ya kiyaye tun yanzu: idan zai shigar da lambar bakod da ke bayan kaya, mai lambobi 13, wadda ta kayan da aka yi wa rajista a Najeriya ke farawa da 615, ya mayar da layin zuwa `Text` kafin ya fara bugawa. In bai yi ba Excel zai nuna masa wani abu kamar `6.15E+12`, ya kuma cinye sifilin farko na duk lambar da ta fara da sifili, ranar lodawa a manhaja sai an sake bin kayan ɗaya bayan ɗaya.