Kaurin kwanon da ba a rubuta ba

"Maigida, jiya bayan zaman da aka yi da Alhaji da injiniya a wurin gini, ka ce in tura musu imel yau da safe. Tunda kowa yana wurin kuma kowa ya ji, me zan rubuta a ciki?"

Kowa ya ji, ka ce. Da wannan maganar na rasa naira dubu 252 a Tumfure a 2019, kuma har yau idan na bi ta hanyar na hango rufin gidan sai raina ya ɓaci.

Rufi ne na sikwaya mita 420. A takardar farashin da muka sa wa hannu, kwano mai kaurin milimita 0.45 aka rubuta. Ranar da muka gama ɗaure katako, mai ginin ya zo da injiniyansa, muka zauna a kan bulo a inuwar katanga, mu uku da mai wayarin. Ya ce ya ga yadda iskar farkon damina ta kware wa maƙwabcinsa rufi, shi 0.55 yake so. Na lissafa masa a gabansa da fensir a jikin wani guntun katako: bambancin naira 600 ne a kowace sikwaya mita. Ya ce in sayo, zai cika min. Injiniya ya gyaɗa kai. Aka yi addu'a, aka watse.

Na ba da oda aka yanko kwanon daidai tsawon rufinsa. Ka san kwanon da aka yanka a kan awo ba ya komawa. Na sa kuɗin bambancin daga aljihuna, domin kafin alƙalamin da ya ba ni na 0.45 ne. Muka buga rufi cikin kwana tara, aikin da ko yau a kira kafintocin Gombe su zo su duba, ba za su sami ƙusa ɗaya a karkace ba. Da na kai masa lissafin ciko, sai mutumin nan ya murje ido ya ce shi tambayar farashi kawai ya yi, bai ce a sayo ba. Na juya wurin injiniya, ya ce ya tuna an yi maganar kauri, amma ba zai rantse a kan wanda zai biya ba. Mai wayarin kuwa yana jiran nasa cikon a hannun mutumin, ina zai buɗe baki? Aka tara dattawa a yi sulhu, suka tambaye ni takarda. Takardar da ke akwai ita ce ta 0.45. Guntun katakon da na yi lissafi a jikinsa kuwa tuni masu gadi sun hura wuta da shi. Abin da ya fi min ciwo, ya ce ai na kyauta, Allah ya saka min.

To, wannan imel da kake ganin ɓata lokaci ne, shi ne takardar da dattawan suka nema a hannuna.

Yadda ake buɗe imel da tura shi ba ni zan koya maka ba, kai da wayar ba ta barin hannunka ko kana kan tsani. Abin da ku yaran yanzu ba ku iya ba shi ne rubuta magana ta tsaya da ƙafarta. Sai ku danna saƙon murya na minti huɗu, rabi gaisuwa rabi ƙarar janareta, ku ce kun sanar. Wa zai nemo wannan bayan wata shida, waya ta faɗa ruwa ko an sace ta a Babbar Kasuwa? Imel yana nan da ranarsa da lokacinsa, a akwatin kowa, kuma da zarar ya isa ba ka da ikon shiga akwatin wani ka goge shi, shi ma ba shi da ikon goge naka.

A wurin Subject ka sa sunan aikin da ranar zaman: Rufin gidan Pantami, zaman Litinin 10 ga wata. Alhaji da injiniya su ne waɗanda ake turawa, ni ka sa ni a Cc. Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Daga nan sai abin da aka yanke, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Kada ka rubuta "an tattauna batun kwano". Irin wannan jimlar ko da na tura ta a Tumfure ba za ta cece ni ba, domin shi ma bai musanta an tattauna ba. Rubuta haka: an amince a sauya kwano daga 0.45 zuwa 0.55, sikwaya mita kaza, ƙarin naira kaza a kowace mita, jimilla kaza, Alhaji ne zai biya ƙarin kafin a ba da oda. Duk inda kuɗi ya motsa, adadin ya fito da lamba, wanda zai biya ya fito da suna.

Ayyukan ma haka. Kowane aiki mutum ɗaya, rana ɗaya. Injiniya zai turo gyararren zanen baranda ranar Laraba 12. Alhaji zai tura kuɗin katako ranar Alhamis 13. Mu za mu fara ɗaure katako ranar Asabar 15, idan zanen da kuɗin sun iso. Ka lura da wannan "idan", kada ka bar shi. Shi ne zai hana a ce mu muka jawo jinkiri alhali zane muke jira. "Za a kawo" da "nan ba da jimawa ba" kada in gan su, aikin da aka ce "za a" yi ba mai yinsa.

Jiya ba a gama maganar launin kwanon ba, Alhaji ya ce sai ya shawarci iyalinsa. Wannan ka ware shi a ƙasa, ka rubuta cewa ba a yanke ba, ana jiran amsarsa zuwa Laraba. Kuma kada ka kuskura ka cusa abin da ba a faɗa ba don yana yi mana daɗi. Injiniya ya kama ƙari ɗaya, duk imel ɗin ya zama abin zargi, sunana kuma ya zube.

Dalilin da na ce yau, ba jibi ba: jiya da yamma kowa ya gaji, yau maganar tana nan ɗanya a kan kowa. Ka bari kwana huɗu su wuce, kowa ya riga ya gyara zancen a zuciyarsa yadda ya fi masa sauƙi, wani ma ya fara aiki a kan abin da ya zaci an ce.

Ka rufe da roƙon su duba, wanda ya ga kuskure ya gyara, wanda ya yarda ya amsa da Reply all zuwa gobe da azahar. Wasu suna rubuta cewa wanda bai amsa ba ya yarda. A kan ƙananan abubuwa na bar su da wannan, amma a kan kuɗi ni ban yarda da shiru ba, domin gobe zai ce bai buɗe ba, ko yaronsa ne ke riƙe da wayar. Bayan ka tura, ka leƙa Sent ka tabbatar ya fita, ka duba ko bai dawo ba saboda kuskuren harafi a adireshi, sannan ka kira Alhaji cikin ladabi ka ce an turo masa taƙaitaccen bayanin zaman jiya. Kalma ɗaya nake nema daga gare shi, "na amince". Sai na gan ta da idona zan kira masu kwano.

Rubuta shi yanzu ka kawo min in karanta kafin ka tura. Awon rufin yana cikin jan littafin da ke motata, daga can za ka ɗauki lambobin.