Yadda za ki sa wayarki ta yi ƙara idan an ambaci sunan kasuwancinki

Tambaya: Salam malam, ina sayar da turaren wuta da humra a Kano. Ance min akwai yadda ake saita waya ta sanar da mutum duk sanda aka ambaci sunan shagonsa a intanet, wai haka ne? Kuma kyauta ne ko sai an biya? Wayata Infinix ce.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Eh akwai, kuma kyauta ne, sunansa Google Alerts, tun 2003 yake nan. Amma gara in gaya miki tun yanzu kar ki saita ki zauna kina jira shiru: shi wannan abin ba ya kiran waya da kansa, imel kawai yake turowa. To aikin kashi biyu ne kenan, a koya masa sunan da zai nema, sannan a koya wa Gmail ta yi ƙara in saƙon ya shigo. Yawancin masu cewa ba ya aiki na farkon kawai suka yi suka tsaya.

Ki buɗe Chrome ki shiga google.com/alerts da imel ɗin da ke kan wayar. Za ki ga akwati a sama, nan ake rubuta sunan, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mu ƙaddara sunan shagon naki Ƙamshin Ɗaki. In kika rubuta shi haka nan tsirara, Google zai iya kawo miki duk shafin da aka ce ƙamshi a sama aka ce ɗaki a ƙasa, har labaran soyayya sai kin gani. Sai kin sa shi cikin alamar zance sannan zai san kalmomin biyu a jere kike so. Bayan haka ki tuna yadda mutanenmu ke rubutu, wani zai sa ƙugiya, wani ba shi da ita a kibod ɗinsa sai ya rubuta Kamshin Daki, 'yan mata kuma da yawa Q suke sawa su ce Qamshi. Kar ki bar wa Google ya yi hasashe, ki jera masa su duka:

```
("Kamshin Daki" OR "Ƙamshin Ɗaki" OR "Qamshin Daki") Kano
```

OR ɗin nan dole da manyan baƙaƙe, in kika sa ƙanana zai ɗauke shi kalma ce kawai. Kano da na ƙara a ƙarshe saboda suna irin wannan magana ce ta yau da kullum, kowa na iya faɗinta ba da shagonki yake ba. Amma fa akwai asara a ciki, wanda ya yabe ki bai ambaci Kano ba zai wuce ba ki gani ba. Ni dai shawarata ki fara ba tare da sunan garin ba, in tarkace ya yi yawa sai ki ƙara. In kina da shafinki na kanki kuma ba kya so ya dinga kawo miki abin da ke kika rubuta, ki ƙara `-site:` a ƙarshe ki manna adireshin shafin ba tazara.

Kafin ki danna Create Alert ki taɓa Show options. A How often ki zaɓi As-it-happens, a Sources ki bar Automatic, Language ki mayar Any Language tunda rubutunmu gauraye ne Hausa da Turanci, Region ma Any Region. Wanda ya fi muhimmanci shi ne How many, yana zuwa ne a kan Only the best results, ki canza zuwa All results. Ƙaramin kasuwanci ba a ambatonsa kullum, in kika bar shi yana tacewa ɗan abin da za ki samu ma sai ya tace shi.

To saura ƙarar. Saƙonnin suna zuwa daga wannan adireshin:

```
googlealerts-noreply@google.com
```

kuma Gmail ta saba jefa su cikin Updates, ita kuwa waya Primary take yi wa ƙara, shi ya sa ake jin shiru. Maganin shi ne filta, wato umarnin da za ki ba Gmail ta dinga ware waɗannan saƙonnin daban. Matsalar manhajar Gmail ta waya ba ta yin filta, sai a kwamfuta, ko ki buɗe mail.google.com a Chrome ki kunna Desktop site, rubutun zai yi ƙanana sosai amma a daure sau ɗaya ne. A gefen akwatin bincike akwai alamar zaɓuɓɓuka, ki taɓa, a wajen From ki sa adireshin can, ki danna Create filter, ki yi alama a Apply the label ki ƙirƙiri sabon lakabi ki sa masa suna Kasuwa, sannan ki yi alama a Never send it to Spam.

Ki dawo manhajar Gmail, Settings, ki taɓa imel ɗinki, ki tabbata Notifications yana kan All, sai Manage labels, ki nemo Kasuwa. Za ki ga ba ya barinki ki kunna sanarwa sai kin fara saita Sync messages, ki sa Last 30 days, sannan ki kunna Label notifications da Notify for every message.  Masu iPhone ba su da sanarwar lakabi, su a cikin filta za su zaɓi Categorize as su sa Primary.

Sai kuma halin Infinix da Tecno da itel, suna son kashe manhajar da ke aiki a bayan fage wai don tattalin batir, sai ki ga saƙo ya zo tun safe amma bai nuna ba sai da kika buɗe Gmail da la'asar. In kin ga haka ki shiga saitin batir na Gmail ki cire mata takunkumi, in kuma kina kunna Data Saver ki ba ta izinin shan data.

Yaya za ki san ya yi? Kar ki jira a ambace ki. Ki ƙirƙiri wani na gwaji da kalmar da ba ta fita daga labarai, kamar Kano ita kaɗai, a As-it-happens. In wayar ta yi ƙara hanya ta buɗe, ki goge na gwajin da sauri kafin ya ishe ki. In imel ya shigo ba ƙara, laifin Gmail ne ko batir. In ko imel ɗin bai zo ba, ki koma ki duba Deliver to ko wani adireshin kika sa.

Abin da ba zai yi miki daɗi ba, Google Alerts yana ganin abin da Google ya shigar cikin bincikensa ne kawai, jaridu, shafukan yanar gizo, wani lokaci bidiyon YouTube, kuma As-it-happens ɗin ma sai lokacin da Google ya ci karo da shafin, yana iya zama bayan awanni ko kwanaki. Hirar WhatsApp a kulle take, babu manhajar da za ta leƙa miki guruf ɗin da ba kya ciki, duk wanda ya ce ki biya shi ya saita miki wannan damfara ce. Guruf ɗin Facebook na sirri ma haka, kwament na Instagram da TikTok kuwa kar ki sa rai. Kuma gaskiya harka irin taki can ne aka fi maganarta. A can sanarwa na zuwa ne in an yi miki tagin da @, don haka ki kunna sanarwar Mentions a kowacce, ki kuma buga sunan shafinki a jikin kwalba da leda yadda kwastoma za su saba tagin ɗinki. Wanda ya rubuta sunan ba tagin sai dai ki dinga bincikawa da hannu, sau ɗaya a sati ya isa. In kin sa shagon a Google Maps ta Google Business Profile, shi ma yana sanar da ke in an rubuta sharhi.

Akwai na kuɗi irin su Brand24 da Mention da suka fi faɗi, amma da dala ake biya duk wata, kuma su ma ba sa shiga WhatsApp. Mai shago ɗaya ban ga dalilin da zai sa ta biya ba tukuna.